Da wane ma'auni za ka gwada tasharka ta YouTube da ta wasu? Hanyoyi uku da inda kowace take ruɗin mutum

Mai tasha a karkara ba ya rasa lokacin da zai leƙa tashar wani ya ga bidiyo ɗaya mai kallo dubu ɗari da wani abu, nan take jikinsa ya yi sanyi. Daga nan sai shawarwari masu cin kuɗi su biyo baya: a sayar da tunkiya a sayi sabuwar waya, a bar bidiyon kiwo a koma barkwanci, ko a daina gaba ɗaya tunda wai an bar shi a baya. Sau da yawa lambar da ta jawo wannan shawara ba ta nuna ƙarfin waccan tashar ko kaɗan. Abin da ta nuna shi ne rana ɗaya da sa'a ta faɗo mata. Tambayar da ta dace ita ce: idan waccan tashar ta ɗora bidiyo gobe, bidiyo na yau da kullum, mutum nawa za su kalla? Amsar wannan ce za ka ajiye kusa da taka.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na koyarwa ne, amma fasalinsu shi ne wanda ake yawan gani. A ce akwai tashar wani mai turkar raguna a wani ƙauye kusa da Gumel. Yana nuna yadda ake haɗa dusa da kowa da harawa, lokacin ba da maganin tsutsa, da yadda ake zaɓen ragon da zai karɓi kiwo. Yana da mabiya 4,000. Bidiyoyinsa goma na baya, idan aka jera su daga ƙarami zuwa babba, sun samu kallo kamar haka: 1,700, 1,900, 2,000, 2,100, 2,300, 2,400, 2,500, 2,600, 2,800 da 3,100.

Akwai tashoshi uku da yake hange, duk na kiwo ne da Hausa.

Ta farko tana da mabiya 21,000. Kallonta: 1,200, 1,400, 1,500, 1,600, 1,800, 1,900, 2,100, 2,200, 2,600 da 184,000. Wannan na ƙarshen bidiyon wani bijimi ne da ya tsinke igiya a kara ya tarwatsa mutane.

Ta biyu tana da mabiya 15,000. Kallonta: 4,100, 4,600, 4,900, 5,200, 5,500, 5,900, 6,100, 6,600, 7,000 da 8,100.

Ta uku tana da mabiya 9,000. Kallonta: 1,500, 1,700, 1,800, 2,000, 2,200, 2,400, 2,700, 3,000, 48,000 da 61,000. Manyan biyun duka zagayen farashin raguna ne a kasuwar Maigatari, an ɗauke su ana saura makonni kaɗan Babbar Sallah.

Hanya ta farko: tara a raba

Wannan shi ne lissafin da kowa ya koya a firamare. Ka haɗa kallon bidiyo goma, ka raba gida goma. Tashar mai turka ta tara 23,400, wato 2,340 kowane bidiyo. Ta farko ta tara 200,300, wato 20,030. Ta biyu 5,800, ta uku 12,630. Da wannan lissafi tashar bijimi ce kan gaba da nisa, ta ninka mai turka fiye da sau takwas, ta biyu kuma ita ce koma baya a cikin ukun.

Amma ka sake duba jerin ta farko. A cikin bidiyo goma, babu ko ɗaya da ya yi kusa da 20,030. Tara suna ƙasa da 3,000, ɗaya yana can sama. Lambar da lissafin ya fitar ba ta kwatanta kowane bidiyo da ke tashar ba. Kamar a ce mutum yana da awaki tara da raƙumi ɗaya, a auna nauyinsu tare a raba goma, a ce ga nauyin dabbar gidansa. Dalilin shi ne kallo yana da ƙasa amma ba shi da sama: bidiyo ba zai gaza sifili ba, amma yana iya ninka saura sau ɗari. Saboda haka duk wani tsalle sama yake jan lissafin, babu abin da zai ja shi ƙasa ya daidaita.

Wannan hanyar tana da inda take aiki. Idan abin da kake son sani shi ne jimillar abin da tasha ta samu, misali awannin kallo da suka taru, to bidiyon da ya yi tashe shi ma kallo ne, ba za a zubar da shi ba. YouTube na neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu kafin tasha ta fara samun rabon kuɗin talla da dogayen bidiyo, kuma a nan jimilla ake dubawa. Amma don sanin ƙarfin tasha na yau da gobe, tara a raba ita ce mafi rauni a cikin ukun.

Hanya ta biyu: datse baki biyu

A nan sai ka cire mafi girma ɗaya da mafi ƙanƙanta ɗaya, sannan ka tara takwas ɗin da suka rage ka raba takwas. Ta farko ta faɗo daga 20,030 zuwa 1,888. Mai turka ya tsaya a 2,325, ta biyu a 5,725. Gyara ya samu sosai, domin bijimin ya fita daga lissafi.

Matsalar tana bayyana a ta uku. An cire 61,000, amma 48,000 na nan a ciki, sai lissafin ya ba da 7,975. Takwas daga cikin bidiyoyinta goma ba su wuce 3,000 ba, ga shi kuma ma'aunin ya ɗora ta sama da ta biyu wadda mafi ƙarancin bidiyonta 4,100 ne. Datsewa tana aiki ne kawai idan adadin da ka datse ya kai adadin bidiyoyin da suka yi tsalle, kai kuma ba ka san adadinsu ba sai ka duba. Idan ka fara datse ɗaya a wannan tasha, biyu a waccan, to ka fara zaɓen amsar da ranka yake so, ma'aunin ya daina zama ɗaya.

Hanya ta uku: lambar tsakiya

Ka jera kallon daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na tsakiya. Idan bidiyon goma ne, ka haɗa na biyar da na shida ka raba biyu. Idan goma sha ɗaya ne, na shida shi ne amsar kai tsaye, ko biro ba ka buƙata. Mai turka: 2,300 da 2,400, wato 2,350. Ta farko: 1,850. Ta biyu: 5,700. Ta uku: 2,300.

Ga yadda ukun suke gefe da gefe:

| Tasha | Tara a raba | Datse baki biyu | Lambar tsakiya |
|---|---|---|---|
| Mai turka | 2,340 | 2,325 | 2,350 |
| Ta farko | 20,030 | 1,888 | 1,850 |
| Ta biyu | 5,800 | 5,725 | 5,700 |
| Ta uku | 12,630 | 7,975 | 2,300 |

Jerin ya kife gaba ɗaya. Tashar da take hana mai turka barci, a bidiyo na yau da kullum tana bayansa. Ta uku kusan kunnen doki suke. Wadda ta fi shi da gaske ita ce ta biyu, wadda ba ta da bidiyo ko ɗaya da ya yi amo, kuma ta ninka shi fiye da sau biyu a kowane mako. Lambar tsakiya ba ta damu da girman tsallen ba. Ko bidiyon bijimin ya kai miliyan biyu, na biyar da na shida suna nan inda suke. Sai tsallen ya kama rabin bidiyoyin kafin ta motsa sosai, kuma idan rabin bidiyoyin tasha suna yin irin wannan, to ai ba tsalle ba ne kuma, matsayinta ke nan.

Wannan ita ce za a zaɓa a matsayin babban ma'auni. Wanda yake da Google Sheets a waya zai iya zuba kallon a layin B, daga B2 zuwa B11, ya rubuta waɗannan, kowace a gurbinta:

```
=AVERAGE(B2:B11)
=TRIMMEAN(B2:B11,0.2)
=MEDIAN(B2:B11)
=MAX(B2:B11)/SUM(B2:B11)
```

Na huɗun yana nuna kason da bidiyo mafi girma ya ɗauka daga jimilla. A ta farko kashi 92 cikin ɗari ne, a ta biyu kashi 14, a ta mai turka kashi 13. A bidiyo goma, idan kason ya haura kashi 40 ko 50, ka san bidiyo ɗaya ne yake riƙe da sunan tashar. Akwai ma gwaji mafi sauƙi: ka ajiye amsar tara a raba kusa da lambar tsakiya. Idan sun yi kusa da juna, kamar 5,800 da 5,700, tashar tana tafiya a daidai. Idan ta farkon ta ninka ta biyun sau biyu ko fiye, akwai tsalle a ciki, sai a nemo shi. Littafin rubutu da kalkuletar waya sun isa duk wannan, musamman inda sabis yake wahala.

Abin da lambar tsakiya take ɓoyewa

Ba daidai ba ne a ce da an fitar da lambar tsakiya aiki ya ƙare. Ita ta rufe ido ga manyan bidiyoyi baki ɗaya, alhali wasunsu darasi ne. Ka raba kallon kowane babban bidiyo da lambar tsakiyar tasharsa. Bijimin ya ninka ta kusan sau 99. Bidiyoyin Maigatari sun ninka tasu kusan sau 21 da sau 27. Duk wanda ya ninka sau biyar ko fiye, ka ware shi gefe ka yi masa tambaya ɗaya: za a iya sake yin irinsa da gangan?

Bijimi ba ya tsinke igiya don an kafa masa kyamara. Mutanen da suka kalli wannan bidiyo abin mamaki suka zo gani, yawancinsu ba su da ko akuya, kuma ba za su dawo jin yadda ake jiƙa dusa ba. Babu abin koyo a nan sai dai a ce mutum ya riƙa yawo da wayarsa da caji.

Na Maigatari daban ne. Sau biyu aka yi, sau biyu ya tashi, maudu'i ɗaya, lokaci ɗaya na shekara. Mutanen Kano da Kaduna da Abuja da Legas da suke shirin layya suna neman sanin farashi kafin su fita, dillalai ma haka. Kasuwar tana ci kowace Alhamis, kuma daga Gumel tafiya ce ta kusa. Wannan abu ne da mai turka zai iya shiryawa: ya je da sassafe, ya nuna raguna aji uku ko huɗu, ya faɗi farashin da aka sallama ba wanda aka fara tayawa ba, ya sa sunan kasuwa da ranar a kan bidiyon, ya ɗora a daren ko washegari kafin farashin ya canja. Abin da bai kamata ya yi ba shi ne ya ɗauki 50,000 a matsayin sabon ma'auninsa, ya shiga damuwa idan bidiyon maganin tsutsa na bayan Sallah ya koma 2,400.

Gwaji na biyu ga bidiyon da ya yi tashe shi ne abin da ya bari a baya. Ka ɗauki bidiyo biyar da aka ɗora kafinsa da biyar na bayansa, ka fitar da lambar tsakiyar kowane ɓangare. Idan kafin bijimi 1,800 ce bayansa kuma 1,900, to guguwar ta wuce ba ta bar komai ba. Idan kuwa kafin bidiyon kasuwa 1,800 ce bayansa 2,600, kuma ta zauna a nan wata biyu ko uku, to bidiyon ya jawo masu kiwo na gaske waɗanda suka zauna. Bidiyo ɗaya ko biyu da suka biyo bayan mai tashe kai tsaye sukan ɗan samu ragowar zafinsa, don haka kada a yanke hukunci da su kaɗai.

A nan ne kuma yawan mabiya yake faɗuwa a matsayin ma'auni. Raba lambar tsakiya da yawan mabiya: ta farko kashi 9 cikin ɗari, ta uku kashi 26, ta biyu kashi 38, mai turka kashi 59. Mabiya 21,000 na ta farko yawancinsu a makon bijimi suka danna, ba su sake waiwayowa ba. Sai dai a yi hattara da wannan rabon. Kallo ba daga mabiya kaɗai yake zuwa ba, kuma ƙananan tashoshi sukan fi manya kaso mai tsoka, don haka kashi 59 ba ya nufin mai turka ya fi ta biyu. Amfaninsa shi ne gano tashar da mabiyanta suka kumbura, ba jera wa ya fi wa ba.

Kafin lissafi: wa za a gwada da wa

Ma'auni mai kyau ba zai ceci jeri marar kyau ba, kuma yawancin kuskure a nan yake shiga tun kafin a taɓa kalkuleta.

Abu na farko shi ne zaɓen tashoshin. Waɗanda suke zuwa maka a rai da kansu su ne waɗanda suka yi tashe, shi ya sa ma ka san su. Idan da su kaɗai ka gwada kanka, kullum kai ne na baya. Gara ka rubuta kalmomin da masu kallonka suke nema, kamar kiwon rago ko haɗin abincin turka, a wurin bincike, ka tattara tashoshin da suka fito. A YouTube Studio kuma, ƙarƙashin Analytics sannan Audience, akwai wurin da ake nuna tashoshin da masu kallonka suke kallo, idan tasharka ta tara mutane da ɗan dama. Ka nemi biyar zuwa takwas. Uku da muka yi amfani da su a nan don saukin misali ne. Su kasance Hausa suke yi, maudu'insu naka ne, tsawon bidiyonsu ya yi kusa da naka, kuma sun ɗora wani abu cikin wata biyu da suka wuce. A girma kuma, daga rabin mabiyanka zuwa ninki huɗu ko biyar. Tashar gidan rediyo ko ta jarumin fim da ya taɓa maganar kiwo sau ɗaya ba sa'arka ba ce, domin mutanensu daga wani wuri suka zo da su. Tashar kiwo ta Turanci ma haka: kasuwarta daban, masu tallanta daban.

Na biyu, kada ka taɓa ɗaukar samfuri daga maɓallin Popular a shafin tasha. Wannan jerin tsalle ne zalla. Ka danna Latest, ka ɗauka a jere ba tare da tsallake wanda bai yi maka ba. Goma shi ne mafi ƙaranci, goma sha biyar zuwa ashirin ya fi idan tashar tana yawan ɗorawa.

Na uku shekarun bidiyo. Wanda aka ɗora shekaranjiya bai gama tara kallonsa ba, wanda ya shekara biyu kuma ya daɗe yana tarawa, musamman bidiyon koyarwa da ake samu ta bincike. Ka tsallake duk wanda bai kai kwana 30 ba, kada kuma ka koma baya fiye da wata shida. Wanda yake son ma'auni mafi tsafta sai ya riƙa rubuta kallon kowane sabon bidiyo na tashoshin a ranar da ya cika kwana 30, domin daga waje jimilla kawai ake gani, ba a ganin yadda ta taru. A jerin bidiyo ana taƙaita lamba zuwa irin 1.8K, cikakkiyar tana cikin bayanin bidiyon idan ka buɗe shi, amma taƙaitacciyar ma ta isa wannan aiki.

Na huɗu, kada a haɗa Shorts da dogayen bidiyo a jeri ɗaya. Tun daga 31 ga Maris 2025, YouTube na ƙirga kallon Shorts da zarar bidiyon ya fara ko ya sake farawa, ba tare da sharaɗin daƙiƙa nawa aka tsaya ba. Tsohon ƙidayar yana nan a Studio da sunan Engaged views. Wannan na nufin kallo 20,000 na Shorts da kallo 20,000 na bidiyon minti goma sha biyu ba abu ɗaya ba ne, kuma Shorts na kafin wannan rana ba za a gwada su kai tsaye da na bayanta ba. Awannin da aka kalla ta hanyar jan Shorts ɗaya bayan ɗaya ma ba sa shiga cikin awa 4,000 ɗin nan. Haka lambar TikTok ko Facebook ba za ta zauna layi ɗaya da ta YouTube ba, kowane dandali da yadda yake ƙirga kallo. Bidiyon kai tsaye shi ma a ware shi.

Na biyar lokaci, kuma wannan ya fi shafar mu fiye da yadda ake zato. Tashar kiwo tana tashi kafin layya, ta noma tana tashi da faɗuwar damina da lokacin kaka, ta girki da ta wa'azi suna tashi da azumi. Idan ka ɗauki bidiyoyin wata tasha na Zulƙida ka gwada da naka na Safar, ka zalunci kanka. Duk tashoshin a ɗauke su a watanni ɗaya. Idan kuma kana gwada bana da bara, ka bi watan Musulunci ga duk abin da ya rataya da Sallah ko azumi: Babbar Sallah ta kama 16 ga Yuni a 2024, ta kama 6 ga Yuni a 2025, tana matsowa da kimanin kwana goma ko goma sha ɗaya kowace shekara. Ga abin da ya rataya da damina kuwa, watan Bature ne ya fi dacewa.

Akwai kuma kallon da kuɗi ya kawo. Mai tasha na iya biyan talla a tura bidiyonsa, wani kuma ya sayi kallon bogi. Daga waje alamar ita ce rashin daidaito: bidiyo mai kallo 70,000 da sharhi shida, a tashar da bidiyonta mai kallo 2,000 yake samun sharhi talatin. Ba hujja ba ce da za a zargi kowa da ita, amma ta isa a cire wannan bidiyon daga cikin abin koyi.

Idan tsallen a tasharka yake

A tasharka kana ganin abin da ba ka gani a ta wasu, sai ka yi amfani da shi. Ka buɗe bidiyon da ya tashi a Studio ka duba inda kallon ya fito. Idan mafi yawansa External ne, wato an yaɗa shi a WhatsApp ko Facebook, yakan hau cikin kwana biyu ko uku ya sauka kamar yadda ya hau. Idan YouTube search ne, mutane ne suke neman abin da kansu, irin wannan yakan daɗe yana kawo kallo kaɗan kaɗan, kuma ya cancanci a yi masa na biyu. Idan Browse features ko Suggested videos ne, dandalin ne ya gwada shi ga sababbin mutane, sai ka duba ko sun tsaya: matsakaicin tsawon kallo nawa ne, kuma masu dawowa sun ƙaru a makonnin da suka biyo baya ko kuwa sababbi ne kawai suka yi yawa suka watse.

Kada ka firgita idan kason dannawa, wato kason waɗanda suka danna bidiyon cikin waɗanda aka nuna wa hotonsa, ya faɗi a bidiyon da ya tashi. YouTube da kanta ta ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 da kashi 10 cikin ɗari, kuma idan aka nuna hoton bidiyonka ga mutanen da ba su san ka ba, kason yakan sauka ko da kallo yana hawa. Haka nan watan da ya biyo bayan tashe, Studio zai cika da alamun sauka domin yana gwada ka da kwanakin da guguwar take ciki. Ka fitar da lambar tsakiyarka ta kafin da ta bayan, ita ce za ta gaya maka ko da gaske ka sauka.

Shafukan waje irin Social Blade suna da amfani wurin ganin ranar da mabiya ko kallon wata tasha suka yi tsalle, wanda yake taimaka maka gano bidiyon da ya jawo. Ƙiyasin kuɗin da suke nunawa kuwa kada a gina shawara a kansa. Tazarar da ke tsakanin ƙaramar lambar da babbar tana da faɗi ƙwarai, kuma ba su san ko masu kallon a Jigawa da Damagaram suke ko a Landan ba, alhali kuɗin talla ya bambanta sosai tsakanin waɗannan wurare.

Abin da mai turka zai yi da sakamakon

Tashar farko ta fita daga lissafinsa, babu abin da zai canja saboda ita. Daga ta uku zai ɗauki abu ɗaya tak, zagayen farashi na makonni huɗu zuwa shida kafin layya, kuma zai rubuta kallon waɗannan a shafi daban don kada su gurɓata masa ma'auni. Ta biyu ita ce zai zauna ya nazarta, kuma ba manyan bidiyoyinta zai kalla ba, na tsakiya zai kalla, masu 5,500 da 5,900, har ma da mafi ƙanƙanta mai 4,100, domin abin da ya sa bidiyonta mafi rauni ya fi nasa mafi ƙarfi shi ne abin nema. Ya duba yadda take rubuta kan bidiyo, ko tana sa adadi kamar kwana nawa da mudu nawa. Ya duba daƙiƙa talatin na farko, ko tana shiga magana kai tsaye ko tana doguwar gaisuwa. Ya saurari sauti, domin iskar hunturu da kukan dabbobi suna cinye murya, kuma ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga ya fi sabuwar waya araha nesa ba kusa ba. Ya duba ko tana da rana tsayayya ta ɗorawa.

Daga cikin waɗannan ya zaɓi ɗaya ya canja, ya riƙe shi har bidiyo takwas ko goma, sannan ya jira na ƙarshensu ya cika kwana 30 ya sake fitar da lambar tsakiya. Idan ya canja abu uku lokaci guda ba zai san wanne ya yi aiki ba. Bidiyoyinsa da ma suna yawo tsakanin 1,700 da 3,100, don haka tashi daga 2,350 zuwa 2,500 bai fita daga kai-komon da aka saba ba, ba za a kira shi ci gaba ba tukuna. Idan sabuwar lambar tsakiya ta kai wajen 3,000, wato bidiyonsa na yau da kullum ya kamo wanda a da shi ne mafi girma, kuma tashoshin da yake gwadawa da su ba su tashi tare da shi a wannan lokacin ba, to canjin ne ya yi aiki. Idan duk sun tashi tare, lokaci ne ya ɗaga kowa, sai a sake aunawa bayan wata uku.